Ƙidayar Koke-koken Masu Wutar Lantarki Mako-mako



Da yawanmu za mu kama aiki a ofisoshin da jama'a ke kai kuka, kuma wata rana za a miƙo mana tarin koke-koke, a ce mu taƙaita wa manya. Zan ɗauki misali da wutar lantarki a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan.

Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2005, takan karkasa koke-koke a rahotanninta gida-gida: na mita, na kuɗin wuta, na ɗaukewar wuta, da sauransu. Ƙaramin ofishi ma haka ya kamata ya yi. Kowane koke a sa shi gida ɗaya tak, a kuma lissafa shi cikin makon da ya iso, ba makon da aka warware shi ba. In ba haka ba, wanda ba a warware ba ɓacewa zai yi daga lissafi.

To, mu ƙaddara wani ofishi ne a Ikara ya tara lissafin mako biyar. Koken ɗaukewar wuta ya zo 10, 12, 9, 9, sai a mako na biyar ya yi tsalle zuwa 46. Na mita kuwa ya zo 8, 11, 14, 17, 20. Wanne ya fi cancantar a kai gaban manaja?

Ido zai fara sauka kan 46, domin matsakaicin makonni huɗun baya 10 ne kacal. Amma kafin a ɗaga murya, sai a duba adireshi. Idan aka tarar 38 daga cikinsu unguwa ɗaya suka fito, inda taransifoma ta ƙone, ashe matsala ɗaya ce ta yi baki 38. Ita da sauran takwas, matsaloli tara ke nan, daidai da yadda aka saba. Saboda haka a ja layi biyu a takarda: yawan koke, da yawan matsala.

Na mita shi ne abin tsoro. Babu makon da ya tayar da hankali, amma kullum ƙarin uku yake yi, har ya ninka sau biyu da rabi. Irin wannan hawa na nuna aiki ne ke taruwa ba a yi ba, mutane kuma suna dawowa da tsohon kukansu.

Daga ƙarshe, kada raguwar koke ta ruɗe mu. Manomin rake a ƙauyen Makarfi, idan ya kashe kuɗin mota sau uku bai ga gyara ba, zama zai yi a gida. Don haka duk makon da lissafi ya faɗi, a duba koke nawa aka warware. Idan shi ma bai motsa ba, gajiya jama'a suka yi.