Buhu Takwas Sun Koma Huɗu: Jawabin Wani Tsohon Ɗalibi a Taron Shekara





Da kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan sana'a, sai na ga babu abin da zan ƙaru da shi in na tsaya ina gaya muku yadda ake samun riba, domin akwai waɗanda suka fi ni a ɗakin nan. Abin da zan faɗa muku shi ne yadda na kusa ɓata sunana da bakina, a ranar da wani ya yi mini ƙazafi a gaban jama'a alhali ina da gaskiya.

Kamar yadda wasunku suka sani, ina da ɗan injin casar shinkafa a Talata Mafara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, shinkafa ta zama abin dogaron mutanen Mafara da Bakura da Maradun, ga ta damina ga ta rani. Mai injin casa kuwa ba ya da jarin da ya wuce amana. Mutum zai kawo maka guminsa na wata huɗu, ya ajiye ya tafi, in ya dawo abin da ka ba shi shi zai ɗauka. Ranar da aka ce kana yanke wa mutane shinkafa, to, ka rufe ƙofa kawai.

Wata Talata da yamma, bayan kasuwa ta fara watsewa, sai yaron da ke riƙe mini sikeli ya miƙo mini waya, ya ce in saurara. Muryar wani dattijo ce daga Dakko, manomi ne mai mutunci, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya aika wa 'yan ƙungiyarsu ta manoma saƙon murya, su kuma suka yi ta tura shi gaba. Abu uku ya faɗa. Ya ce ya kawo mini shanshera buhu goma. Ya ce na mayar masa da buhu huɗu, wato na cinye fiye da rabi. Ya ce kuma na riƙe masa kaya kwana da kwanaki. Ya rufe da cewa duk mai son dukiyarsa ya guji injina.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Nan take na ɗauki waya na yi magana ta kusan minti biyar, na kira shi maƙaryaci, na tuna masa bashin da na taɓa ɗaga masa ƙafa. Allah Ya taimake ni ban tura ba, domin an kira magariba. Da na fito masallaci na sake saurare, sai na ji muryar mutumin da ni kaina ba zan ba shi ajiyar buhu ɗaya ba. Na goge. Wannan shi ne darasi na farko: amsar da ka shirya cikin fushi, ka bari ta kwana. Dare ɗaya ba ya ƙara wa ƙarya ƙarfi, amma kalma ɗaya ta zagi daga bakinka tana iya zama shaidar da mai ƙarar bai da ita.

Da safe na buɗe littafin karɓar kaya. Malamanmu sun koya mana aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, kuma na gane cewa umarnin ya hau kan wanda aka zarga kamar yadda ya hau kan mai saurare. Na raba maganar Alhaji gida uku, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, yawan buhuna. Littafi ya nuna takwas ne, ba goma ba, ga sa hannun wanda ya kawo kayan, ga kuma kwafin rasit. Na biyu, nauyi. Kowane buhu ya ba da kilo 75 a sikeli, jimla kilo 600. Abin da ya fita shinkafa tsaba kilo 390 ne, ɓuntu kilo 120, dusa kilo 55, ragowar kilo 35 kuma ɗan tsaki ne da tsakuwa da ƙaiƙayi. In kun haɗa za ku samu 600 cif.

A nan ne na gane inda Alhaji ya ruɗe, kuma ina so ku lura da kyau. Ɓuntu kaɗai yakan kwashe wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, dusa ta kwashe wajen kashi 8 zuwa 10. Saboda haka injin da ya ba ka kashi 65 cikin 100 bai cuce ka ba. Ban da wannan, shanshera tana da cika ido amma ba ta da nauyi. Buhun da zai ɗauki kilo 100 na tsaba, in ka cika shi da shanshera da ƙyar ya kai 75. Ke nan kilo 390 na tsaba bai ma cika buhu huɗu sosai ba. Mai ƙirga da buhu zai ga takwas sun shiga huɗu sun fito, ya rantse an kwashe masa rabi. Alhaji bai ƙirƙiri ƙarya don ya cuce ni ba. Idonsa ya ƙirga buhu, sikeli kuma ya ƙirga nauyi.

Na uku, jinkiri. A nan yana da gaskiya. Na yi masa alkawarin kwana biyu, bel ɗin inji ya tsinke, sai da aka aiko da wani daga Gusau, kaya suka yi kwana biyar, kuma ban aika an gaya masa ba. Wannan shi ne darasi na biyu: a cikin ƙorafi mafi muni yawanci akwai ɗan guntun gaskiya. In ka musa duka, mutane za su kama ka a kan guntun, daga nan su daina yarda da sauran maganarka.

Kafin in ce komai a fili, na kira Alhaji sau biyu bai ɗauka ba. Sai na kira wanda ya kawo kayan, wani ɗan uwansa. Bayan ɗan jan ƙafa ya gaya mini cewa lallai buhu goma aka ɗora a Dakko, amma ya sauke biyu a hanya don biyan wani bashin taki da ke kansa, da niyyar zai mayar kafin a lura. To, 'yan uwa, ga makami a hannuna. Da na faɗi wannan a bainar jama'a, da na wanke kaina cikin minti ɗaya, amma da na tona asirin gida, na haɗa 'yan uwa faɗa, kuma duk manomin da ya ji zai san cewa sirrinsa ba ya kwana a wurina. Na ce masa ya je ya gaya wa Alhaji da bakinsa kafin Juma'a.

Sannan na roƙi shugaban ƙungiyar manoman ya isar da amsata ga mutanen da suka ji zargin, domin amsa tana zuwa ne inda aka yi zargi, ba inda abokanka suke ba. Na rubuta ta a takarda tukuna, na karanta, ba ta kai minti ɗaya ba. Ga abin da na ce:

"Assalamu alaikum. Na ji ƙorafin Alhaji, kuma na gode da ya fito da shi. A kan jinkiri yana da gaskiya: na ce kwana biyu, ya zama biyar, ban kuma sanar da shi ba. Ina ba shi haƙuri, kuma na yafe kuɗin casar buhu ɗaya. A kan yawan kaya, littafinmu da rasit sun nuna buhu takwas muka karɓa, kilo 600, muka mayar da tsaba kilo 390 tare da dusarta da tsakinta. Littafin yana nan ga Alhaji ko wakilinsa. Ranar Talata da hantsi, duk mai so ya zo da buhu ɗaya, mu auna a gabansa, mu casa, mu sake aunawa."

Ku lura da abin da babu a ciki. Ban ce ya yi ƙarya ba, na ce ga abin da littafi ya nuna. Ban maimaita kalmar sata ba, domin duk lokacin da ka maimaita zargi kana ƙara manna shi a kunnen mutane. Ban ambaci ɗan uwansa ba. Ban kuma yafe kuɗin duka ba, domin da na yi haka sai a ce na amsa laifin da ban yi ba. Abin da na ɓata shi na biya. Bayan haka wasu sun yi ta tsokana, ban ƙara cewa uffan ba. Amsa sau ɗaya ake yin ta.

Ranar Talata mutum bakwai suka zo. Buhu ya ba da kilo 75, tsaba ta fito kilo 49. Gani ya kori ji. Alhaji bai zo ba, kuma bai taɓa janye maganarsa a fili ba. Akwai manoma biyu da har yau ba su dawo wurina ba. Amma da kaka ta zagayo, sai ga kayansa a ƙofar inji, shi da kansa ya rako su, ya tsaya a kan sikeli har aka gama awo.

Wani abokina ya ce me ya hana in kai shi gaban alƙali. Na ce hakkina ne, kuma akwai inda ya dace, wato in mutum ya ga hujja amma ya ci gaba da yaɗa ƙazafi da gangan. Sai dai wannan matakin ƙarshe ne. Ku tuna abin da ya faru a watan Satumba na 2023, lokacin da wata mata a Legas ta rubuta cewa tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta. Ba ni ne zan ce wane ne mai gaskiya ba, amma maganar ta zama labari har a ƙasashen waje, mutane suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin, aka bar zancen tumatir aka koma zancen kamu.

Abu na ƙarshe, duk wannan ya yiwu ne saboda littafi da sikeli da rasit. Da ba ni da su, da maganata ce da ta dattijo, kuma kun san wanda jama'a za su gaskata. Tun daga lokacin, ba na karɓar kaya sai na kira mai su a waya na gaya masa yawan buhuna da nauyinsu, da kuma abin da zai sa ran samu, tun kafin a kunna inji. Masu shago da masu gareji da masu makaranta a cikinmu, kowa ya duba mene ne littafinsa.

Ina godiya ga malaminmu na lissafi, wanda ya sha dukan hannuna a kan kashi cikin ɗari. Malam, sai bayan shekara talatin na ga ranarsa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu. Mu kuma Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.