Ƙulle Farashin Dala Kafin Kuɗin Riɗi Su Iso

Ɗan kasuwar da ya tara riɗi daga kasuwannin Ƙaura Namoda da Shinkafi da naira ya biya manoma, amma dala zai karɓa daga waje, watakila bayan kwana 90. A tsakanin nan farashin dala yana iya karyewa, kamar yadda ya faru a Afrilun 2024.

Hanya ɗaya ita ce ya yi yarjejeniya da banki tun yau a kan farashin da zai canjar. A ce dala 20,000 yake jira, aka ƙulle a naira 1,500: miliyan 30 ke nan, ko ana ha-maza-ha-mata. Dala ta sauka zuwa 1,300, ya tsira da miliyan 4. Ta hau 1,700, ya rasa irin wannan. Babban haɗarin shi ne mai saye ya ƙi kayan, domin banki zai nemi dalarsa ranar alkawari. Shi ya sa ya fi dacewa a ƙulle rabi kawai.

Hanya ta biyu sayen zaɓi ce. Yana biyan lada tun farko, a ce naira 40 kan kowace dala, wato 800,000, ya samu damar sayarwa a 1,500 ba tare da tilas ba. Ladan ba ya dawowa, ko bai yi amfani da damar ba.