Takardar Farko Daga Ɗan Shago Zuwa Ga Masana'anta: Lissafi Ne Ke Buɗe Ƙofa

Na daɗe ina jayayya da masu shirya wa ƙananan 'yan kasuwa bita, domin kullum zancensu yadda za a samu rance ne. A ganina, abin da ya fi cancanta a koya wa mai shago shi ne yadda zai gabatar da kansa ga masana'anta a rubuce, ya nemi a sayar masa da ɗan kaya na gwaji, kuɗi hannu.

Mu ɗauki misalin mai shagon kayan roba a Bichi da ke son sayen butoci kai tsaye daga wani kamfani a Sharada ko Bompai. Abin da aka saba gani a irin takardarsa shi ne doguwar gaisuwa, yabon kamfani, fatan ƙulla hulɗa, sannan roƙon a ba shi kaya bashi ko a naɗa shi dila. Manajan sayarwa ba zai sami ko lamba ɗaya da zai yi aiki da ita ba, sai ya ajiye ta gefe. Takarda mai amfani ba ta wuce shafi guda: sunan shago da inda yake, lambar rajistar CAC idan akwai, dozin nawa yake sayarwa a mako, sai ainihin buƙata, wato buta mai lita kaza, launi kaza, dozin 30. Ya ce zai biya kafin a yi lodi, kuma a asusun kamfani, ba na wani ma'aikaci ba. Ya nemi farashi a rubuce, a fayyace masa ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari yana ciki, da kuma wanda zai ɗauki asarar abin da aka tarar a fashe.

Me ya sa dozin 30? A nan hujjata take, kuma alƙaluman na misali ne. A ce dila a kasuwar Sabon Gari yana ba shi dozin a kan naira 9,000, kamfani kuma 8,000. Rangwamen dozin 30 ya zama naira 30,000. Idan kuɗin mota da na 'yan dako suka cinye 20,000, saura 10,000 kacal, alhali ya zuba jarin 240,000. Wani zai ce wahalar banza ce. Amma ba riba ake nema a sarin gwaji ba. Mai sayar da dozin 5 a mako zai ƙarar da kayan cikin mako 6, kuma a wannan ɗan lokaci zai san nawa suka zo da yoyo, wane launi ne ya kwanta, da ko kamfanin yana cika alkawarin rana. Shi ma kamfanin ya ga mutumin da ya biya ba gardama, ya kuma dawo ranar da ya ambata. Da ya sari dozin 100 don ya burge manaja, da naira 800,000 sun kwanta har mako 20, sauran kayan shago suna yankewa babu kuɗin cikewa, ga rana tana kashe launin robar da aka baje a waje. Saboda haka ƙa'idar ita ce a auna sarin farko da cinikin mako 4 zuwa 6, kuma a rubuta ranar komawa a cikin takardar, domin kamfani ya fi damuwa da mai dawowa fiye da mai saye sau ɗaya.

Za a ce kamfanoni suna da mafi ƙarancin abin da suke sayarwa, kuma ba sa son ɓata wa dilolinsu. Haka ne. To, takardar ta tambayi adadin kai tsaye, ta kuma nemi a yarda shaguna uku ko huɗu su haɗa kuɗi su cika shi. Ko an tura mai shagon wurin dila, ya tafi da farashi a hannu. Wasu kuma za su ce kasuwancinmu na amana da sanayya ne, maigida ya tsaya maka ya wadatar. Wanda ba shi da maigida fa? Kuma manajan da ka sani yana iya barin aiki gobe, rasit kuwa yana nan a fayil.

Shawarata ba ta sauya ba. Hukumar SMEDAN ta sa rubuta wannan takarda da lissafinta cikin kowace bita, da Hausa. KACCIMA ta zauna da masu masana'antu a tsayar da ƙaramin adadi na gwaji ga masu biya kuɗi hannu. Ƙungiyoyin kasuwa kuma su riƙa tara buƙatun mambobinsu a mota ɗaya, su hana kowa ambaton bashi sai ya yi sari uku ya biya.