Karkacewar Ƙashin Baya Ga Yara Masu Tasowa: Batun Ciwo Da Motsa Jiki

 

Abin da za mu taɓo a yau shi ne karkacewar ƙashin baya zuwa gefe, wadda likitoci ke kira sikoliyosis. Takan bayyana tsakanin shekara 10 zuwa 16, mafi yawanta ba a san sanadinta ba, kuma ta fi tsananta a jikin 'yan mata. Ɗaukar tulu, ko jakar makaranta, ko zaman karkace, babu wanda yake haifar da ita, don haka a daina ɗora wa yara laifi. Gane ta a gida ba wuya: yarinya ta haɗa ƙafafu ta sunkuya gaba, uwa ta tsaya ta bayanta. Idan gefe guda na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, sai a tafi asibiti a ɗauki hoton ƙashi a tsaye.

Iyaye sukan ce mana, "Ai ba ta jin ciwo, likita, ashe da sauƙi." Nan ne gizo ke saƙar. Ciwo ba shi ne ma'aunin wannan lalura ba. Yawancin yaran ba sa jin komai alhali ƙashin yana ci gaba da lanƙwasa, waɗansu kuwa suna kuka da baya alhali karkacewar tasu kaɗan ce. Ciwon da kan zo bayan dogon zama a benci, ya lafa da hutawa, galibi na tsoka ne.

Amma akwai ciwon da ba a jinkirta masa. Idan yana tashin yaro daga barci da dare, ko ya zo da zazzaɓi da rama, ko ƙafa ta fara sanyi da rashin ƙarfi, ko riƙe fitsari ya gagara, to a nemi wani sanadi daban, kuma cikin gaggawa. A ƙasarmu wajibi ne a tuna da tarin fuka na ƙashin baya, wanda kan ci ƙashin har ya fitar da doro. Wannan magani yake so na watanni, motsa jiki ba ya yi masa komai.

Abubuwa biyu likita ke dubawa: girman karkacewar, wanda ake aunawa da digiri a jikin hoto, da kuma sauran girman da ya rage wa yaro. Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 12, ba ta fara al'ada ba, hotonta ya nuna digiri 28. Wannan tana cikin haɗari, domin tsawo na gabanta, kuma ƙashin ya fi lanƙwasa a lokacin da yaro ke saurin tsawo. Da digirinta bai kai 25 ba, da sa ido kawai za a yi, ana sake dubawa duk wata huɗu zuwa shida. Tunda ya wuce, sai a yi mata rigar roba mai tauri daidai jikinta, ta riƙa sawa wajen awa 18 a kullum har girmanta ya tsaya. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na masu sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, alhali a cikin waɗanda ba su sa ba kashi 48 ne kawai suka tsira. Da yayarta ce mai shekara 17 take da wannan digiri 28 ɗin, da wuya a yi mata komai, domin ƙashinta ya riga ya ƙosa.

To ina matsayin motsa jiki? Yana ƙarfafa tsokar baya da ta ciki, yana rage ciwo, yana gyara tsayuwa. Akwai atisaye na musamman irin tsarin da Katharina Schroth ta ƙirƙiro a Jamus, inda ake koya wa yaro miƙe gefen da ya lotsa tare da shaƙar numfashi zuwa cikinsa. A ƙaramar karkacewa yakan taimaka da 'yan digiri kaɗan, in an lizimce shi a ƙarƙashin masu gashin ƙashi. Sai dai ba ya miƙar da ƙashin ya koma sak, kuma ba ya maye gurbin rigar nan. Yarinyarmu ta misali, in aka bar ta da atisaye kaɗai, ana iya wayar gari digirinta ya kai 45 ko 50, inda ake fara maganar tiyata. Haka nan tausa da ja na masu ɗori: gwanintarsu a karaya take, nan kuwa babu abin da ya karye.

Kada kuma a hana yaro wasa. Gudu da ƙwallo da tsalle duk ba sa ƙara karkacewar, ana ma cire rigar a yi wasan a mayar. Wanda aka ga alamar a jikin ɗansa, ya fara da babban asibiti mafi kusa, daga nan in da buƙata a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. A riƙa adana hotunan baya, domin da su ake kwatanta sabo a gane ko ƙashin yana ƙara lanƙwasa.