Rijiya Ko Rumbun Albasa?

Jama'ar Rabah, a ce kuɗin ƙungiyarmu aiki ɗaya za su isa, rijiya ko rumbun albasa. Maimakon gardama, mu zana jadawali a allo.

Da fari mu yanke nauyi: yawan masu amfana 3, araha 1. Sa'an nan mu ba da maki, daga 1 zuwa 5.

| Aiki | Masu amfana | Araha | Jimla |
|---|---|---|---|
| Rijiya | 5 | 2 | 17 |
| Rumbu | 3 | 5 | 14 |

Ga lissafin rijiya: 5 sau 3, 15 ke nan, a ƙara 2. Ba don nauyi ba, da rumbu ya ci, 8 da 7.

Saboda haka mu yanke nauyi tun kafin maki. In an bari sai daga baya, kowa zai karkata shi wajen aikin da yake so.