Sharhi: Me Ya Sa Fayil Ke Kin Hawa Yanar Gizo?

Sau da yawa mutum zai yi kokarin dora hoto ko takarda a wani shafi, sai ya ga lamba 413 tare da rubutun "Payload Too Large". Laifin ba na waya ba ne, ba kuma na karancin data ba. Sabar da ke karbar sakon ce ta kayyade girman abin da za ta karba.

Mu dauki manhajar Nginx, wadda shafuka da dama ke aiki da ita. Idan mai shafi bai taba saitinta ba, megabayit 1 kacal take yarda ya wuce. To, hoton waya mai megabayit 4 zai iso, ta duba girman da aka rubuta a kansa, nan take ta mayar da shi. Shi ya sa karamin fayil ke wucewa, babba ya makale, ko sau nawa aka sake gwadawa.

Gyaran yana hannun mai shafi. Ya daga iyakar da ke `client_max_body_size` zuwa `20m`, sannan ya sake loda saitin. Idan shafin na PHP ne, ya duba `upload_max_filesize` da `post_max_size`, domin kowannensu na da tasa iyakar.

Kai kuwa mai dorawa, rage girman fayil din tukuna. Masu shafuka kuma, don Allah ku rika rubuta iyakar a fili kusa da wurin dorawa.