Kayan shagon ƙungiya: ƙidayar ƙarshen wata ko rubutun nan take?

 

Yau maganarmu a kan kayan sayarwa ne. Idan ƙungiya ta ɗebi kuɗi a asusu ta saro sabulu ko gishiri ko hatsi, kuɗin nan bai bar hannunmu ba, kama kawai ya sauya. Da yana cikin akwati, yanzu yana cikin kwali a ɗakin ma'aji. Ranar da sakatariya za ta miƙe ta karanta mana rahoto, dole ta faɗi nawa ne kuɗin kayan da suka fita, nawa ne na waɗanda suka rage. Daga nan ake gane riba. To, hanya biyu ce ake bi a san wannan.

Ta farko ita ce wadda yawancinmu muka saba. Kin saro kaya, kin rubuta abin da kika biya. Kina ta sayarwa kina jefa kuɗi a gwangwani, ba kya rubuta guda nawa suka fita. Sai ƙarshen wata, ko ranar rabo, a zauna a ƙirga abin da ya rage. Mu kira ta ƙidayar lokaci-lokaci. Ta biyu kuwa, duk abin da ya shigo a rubuta, duk abin da ya fita a rubuta a lokacin, a cire shi daga saura. Ko da tsakar dare aka tashe ki, littafi zai gaya miki guda nawa ya kamata a tarar a ɗaki. Ita ce rubutun nan take.

Bari mu yi misali da sabulu. Na sauƙaƙa farashin ne don lissafi ya tafi daidai, kar wata ta ce ba haka ake sayarwa a kasuwarsu ba.

A farkon wata muna da sabulu guda 20, kowane mun saro shi naira 500. Muka ƙaro guda 100 a kan wannan farashin. Ya zama guda 120, jarinsu naira 60,000. Muna sayar da kowane naira 600. Da wata ya ƙare, kuɗin ciniki ya kama naira 50,400, aka ƙirga sabulun da ya rage aka samu guda 30.

Mai bin hanya ta farko ga yadda za ta yi. Guda 30 ɗin nan jarinsu naira 15,000. Ta cire daga 60,000, saura 45,000, ta ce wannan shi ne jarin kayan da aka sayar. Ta cire shi daga kuɗin ciniki, riba ta tashi naira 5,400. Ta karanta, mu tafa, a tashi taro.

Ku lura da abin da ta yi. Duk sabulun da ba ta gani a kwali ba, ta ɗauka an sayar. Guda 90 ke nan. Ba ta da wata shaida ban da cewa ba ya nan.

Yanzu ga mai rubutun nan take. Littafinta ya nuna guda 84 aka sayar, don haka 36 ya kamata su rage. Ita ma ta je ta ƙirga, ta tarar da 30. Ina guda 6? Rahotonta zai ce: ciniki 50,400, jarin abin da aka sayar 42,000, ribar ciniki 8,400, sannan giɓin sabulu guda 6, naira 3,000. Idan aka cire, 5,400 ne ya rage, daidai da na waccan. Adadin ƙarshe ɗaya ne. Amma a rahoton farko dubu ukun nan ta ɓuya a cikin jari, kowa ya ɗauka sabulu ne ba ya kawo riba sosai. A na biyu tana tsaye a layinta, kuma dole wata ta ɗaga hannu ta yi tambaya.

Da aka tambaya, sai a ce mai jiran shago ta tuna ta ba wata maƙwabciya guda 4 bashi ba ta rubuta ba, guda 2 kuma ɗigar ruwan rufi ta narkar da su. Kun ga ba sata ba ce. Bashin nan naira 2,400 ne, haƙƙin ƙungiya ne, za a rubuta a bi shi. Asarar gaske naira 1,000 ce kawai, ta sabulu biyun da suka jiƙe, kuma ta gaya mana a ɗauke kwali daga gindin bango. Riba ta koma 7,800 ke nan. Da ba a rubuta ba, wa zai tuna da bashin bayan wata uku?

Na san akwai mai kaifin kai a cikinku da za ta ce, ai ko ba littafi, in na raba 50,400 da 600 zan ga 84. Gaskiyarki, Hajiya. Amma wannan sai in kaya iri ɗaya ne, farashi ɗaya. Ranar da sabulu da omo da magi da man gyaɗa suka haɗu a gwangwani ɗaya, ga ragi da aka yi wa wannan, ga gyara da aka yi wa waccan, dabarar nan ba ta ƙara aiki.

Wuri na biyu da hanya ta farko take cutarwa shi ne kuskuren ƙidaya, don ribar gaba ɗaya a kan ƙidayar take zaune. A ce an yi sauri, an maimaita wani jeri, aka rubuta 40 maimakon 30. Sabulu goma na ƙarya, naira 5,000. Nan take riba ta hau 10,400, kuma ba wani littafi da zai ƙaryata. Idan ranar rabo ce, mun raba dubu biyar daga cikin jarinmu muna murna. Wata mai zuwa kuskuren zai dawo ya ci ribar watan, a fara kallon mai jiran shago alhali ba laifinta. Mai rubutun nan take kuwa, da ta ji 40 littafi na cewa 36, za ta ce a sake ƙirgawa, kaya ba sa haihuwa. Sannan wajen yi wa ragowar kaya kuɗi, da farashin sari ake yi, naira 500. Wadda ta sa 600 ta ci ribar abin da ba a sayar ba tukuna.

Kar kuma a ɗauka littafi ya ɗauke mana ƙidaya. Da mai littafin nan ta zauna ba ta leƙa ɗaki ba, rahotonta zai ce akwai sabulu 36, riba 8,400, alhali shida ba sa nan. Littafi abin da aka gaya masa ya sani, ɓera ba ya zuwa ya sa hannu.

Rubutun nan take yana da nauyi, ba zan ɓoye muku ba. Yana son mai rubutu a bakin shago kullum, kuma ranar da aka tsallake shafi, abin da ya biyo baya duk ya karkace. Ni shawarata, a raba kayan gida biyu. Abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai kuma yake da tsada, kamar buhun hatsi, jarkar mai, turmin atamfa, kwalin sabulu, a ba kowane shafinsa da layi uku: shiga, fita, saura. Wadda ba ta iya rubutu ba ta ja kara ɗaya duk guda ɗaya da ya fita, sakatariya ta tattara ranar taro. Ƙananan kaya irin su magi, ashana da ƙullin gishiri, a bar su a ƙidaya, amma a yi ta duk mako biyu, kar a jira ranar rabo. Masu ƙidaya su zama mata biyu, ban da mai jiran shagon, kowace ta ƙirga nata daban sannan a gwada.

Yanzu ma'aji ta fito mana da kwalin sabulun nan, sakatariya ta buɗe sabon shafi, mu ja layi ukun tare.